Yadda ake gane abin da sanarwa ke cewa in an turo maka hotonta cikin yaren da ba ka ji

Kwanaki ƙanwata da ta tafi karatu Jamus ta turo min hoto da daddare, wata farar takarda ce aka manna a ƙofar shiga gidan da take haya, a ƙasan hoton ta rubuta "Yaya dan Allah duba min wannan, kar dai korar mu za a yi". Satinta uku kenan da sauka, ba ta fara jin Jamusanci ba, ni ma ba wani ji nake ba sai 'yan kalmomi da na tsinta a tafiye-tafiye. Amma kafin mu buɗe ƙamus mun riga mun gano kusan kashi uku cikin huɗu na abin da takardar ke nufi, kuma hanyar da muka bi ita nake son in shimfiɗa a nan daki-daki, saboda tana aiki ko da wane yare ne. Abin da nake son ka riƙe tun daga farko shi ne, wurin da aka manna sanarwa da lambobin da ke jikinta za su gaya maka a kan me ake magana, amma ba za su gaya maka ko "yi" aka ce ko "kar ka yi" ba, wannan sai ka nemo shi da kanka a cikin 'yan ƙananan kalmomi.

Ga abin da ke jikin takardar, na kwafo shi yadda yake don mu riƙa komawa kansa:

Achtung! An alle Mieter
Am Di, 14.10. von 8:00 bis 14:00 Uhr wird das Wasser abgestellt.
Haus 3 und 5, außer EG.
Bitte Wasserhähne geschlossen halten.
Ihre Hausverwaltung

A gefe ɗaya kuma akwai ɗan zanen kan famfo. Shi kenan.

Mataki na farko: gyara hoton kansa

Yawancin mutane in za su ɗau hoton sanarwa sai su matsa kusa sosai don rubutun ya fito, su yanke duk abin da ke kewaye, toh a nan ake zubar da rabin ma'anar. Hoton farko da ta turo min haka yake, rubutu ne kawai a kan fari, ba ka san ko a ƙofa yake ba ko a jikin lif ko a tashar bas. Sai na ce ta sauka ta ɗauko guda uku. Ɗaya daga nesa kamar taku huɗu ko biyar baya, yadda zan ga bangon da ƙofar da duk wasu takardun da ke maƙwabtaka da ita. Ɗaya na takardar gaba ɗayanta har da gefunanta huɗu, musamman sama da ƙasa domin a nan tambari da sa hannu suke zama. Na uku kuma na kusa, a kan ƙananan rubutu in akwai. In takardar tana cikin gilashi ne ka kashe fitilar kyamara ka ɗan karkace gefe, in ba haka ba haske zai cinye layin tsakiya, kuma sau da yawa layin tsakiyar nan shi ne mai kwanan wata.

In kuma hoton tsoho ne, ka riga ka dawo gida ko wani ne ya turo maka ba zai iya komawa wurin ba, to ka tambayi abu biyu: a ina daidai aka ɗauka, kuma wace rana. Wayar ma tana ajiye ranar a cikin bayanan hoton. Za ka ga amfanin ranar nan gaba kaɗan.

Mataki na biyu: a ina take, da me aka yi ta, wa ya manna

Kafin ka kalli kalma ko ɗaya ka tambayi kanka, mutanen da ke wucewa ta wannan wurin su wane ne, kuma me ake yawan son gaya musu. Sanarwar da ke ƙofar shiga gidan haya mai benaye ta 'yan haya ce duka, abubuwan da ake gaya wa 'yan haya duka kuwa ba su da yawa: ruwa, wuta, ɗumama ɗaki, shara, gyaran lif, masu zuwa karanta mita, hayaniya da dare. Korar mutum daga gida ba ta cikinsu, wannan wasiƙa ce da ake sa wa a ambulan da sunanka a jefa a akwatin wasiƙunka, ba a manna ta a ƙofa kowa ya karanta. Da wannan kaɗai na ce mata ta kwantar da hankalinta, tun ban san "Mieter" na nufin 'yan haya ba.

Sai kayan da aka yi ta da shi. Allon ƙarfe ko na roba da aka ɗaure da kusoshi doka ce ta dindindin, jiya tana nan gobe tana nan. Takardar firinta da aka liƙa da salatif abu ne na ɗan lokaci, wani abu zai faru ko ya canza, don haka a irinta dole akwai rana a wani wuri, ka neme ta. Wadda aka rubuta da hannu da biro yawanci maƙwabci ne ko mai shago, ko dai ƙorafi ko "na dawo nan da minti goma" ko an tsinci wani abu. Wadda aka sa a leda ko aka yi mata laminatin ana so ta daɗe, watanni ba kwana biyu ba.

Sannan ka duba layin ƙarshe da saman takardar. Layin ƙarshe da ya tsaya shi kaɗai kusan kullum sunan wanda ya fitar da sanarwar ne. A tamu "Ihre Hausverwaltung" ne, kuma da ta turo hoton nesa sai na ga wannan kalmar dai a jikin wani ƙaramin allo kusa da akwatunan wasiƙu tare da lambar waya, ka ga ko ba ka san fassararta ba ka gane masu kula da gidan ne. Da a ce tambarin hukuma ne mai garkuwa ko hatimi mai zagaye, da maganar ta fi haka nauyi.

Mataki na uku: launi da siffa, in akwai

Takardarmu ba ta da wannan sosai, amma dole in tsaya a kai saboda a allunan gargaɗi shi ne ke ɗauke da saƙon. Akwai tsarin ƙasa da ƙasa na alamomin kiyaye haɗari, ISO 7010, da za ka gani a filayen jirgi da masana'antu da asibitoci a ƙasashe da yawa. Jar da'ira mai layi a karkace hani ce. Mai kusurwa uku ruwan ɗorawa gargaɗi ne, akwai haɗari a nan. Shuɗiyar da'ira umarni ce, wato dole ka yi abin da aka zana, mutane da yawa suna ɗaukarta kamar shawara alhali ba haka ba ne. Kore mai kusurwa huɗu hanyar tsira ce ko taimakon gaggawa, ja mai kusurwa huɗu kuma kayan kashe gobara.

A kan titi akwai wadda ke rikita baƙi, jar da'ira mai fari a cikinta, ba komai a tsakiya kuma ba layi a karkace. A ƙasashen da ke bin yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan alamomin hanya wannan na nufin an hana ababen hawa shiga, kuma in an zana keke ko babur a cikin jar da'irar ko da babu layin da ya soke shi, hani ne ba izini ba. Kar ka jira sai ka ga layi.

Mataki na huɗu: lambobi, a nan za ka daɗe

Lambobi su ne yaren da kai da mai sanarwar kuke tarayya a kai, don haka ka fitar da su duka a takarda daban, kowace ka tambaye ta ke mece ce, rana ce, lokaci ne, kuɗi ne, lambar gida ce ko lambar waya.

A tamu akwai 14.10. da 8:00 da 14:00 da 3 da 5. Ta farko rana ce, kuma mun yi sa'a babu wata na 14 don haka 14 ga Oktoba ne ba tantama. Inda ake shan wahala shi ne irin 04.10 ko 4/10, a Turai da mafi yawan duniya rana ce ke fara zuwa, 4 ga Oktoba kenan, amma a Amurka wata ne ke farawa, sai ta zama 10 ga Afrilu. A Sin da Japan da Koriya shekara ce a gaba sai wata sai rana, kuma a Sin da Japan za ka ga alamomi uku a bayan lambobin, 年 shekara, 月 wata, 日 rana, in ka haddace ukun nan kaɗai ka iya karanta kwanan wata a can. Shekarar ma kanta tana iya ba ka mamaki: a Tailan za ka ga 2568, ka cire 543 ka samu 2025, a Taiwan za ka ga 114, ka ƙara 1911 ka samu 2025 ɗin dai. Ba kuskuren bugu ba ne, kalandarsu ce.

Yanzu dubi tsarin "von 8:00 bis 14:00". Lokaci biyu, kalma ɗaya kafin na farko, kalma ɗaya a tsakani. Ba abin da za su zama in ba "daga" da "zuwa" ba, ka ga ka koyi kalmomi biyu kyauta ba tare da ƙamus ba. Kuma wannan ya gaya maka babban abu: lamarin yana da farko yana da ƙarshe, awa shida ne a rana ɗaya cikin lokacin aiki. Me ke ɗaukar awa shida a ranar aiki a gidan haya? Ma'aikata ne za su zo. Da a ce rana ɗaya ce kawai aka rubuta ba lokacin gamawa, to sabuwar doka ce ko wani yanayi da zai fara daga ranar ya ci gaba. A Jamusanci bambancin harafi ɗaya ne tak, "am 14.10." a ranar kenan, "ab 14.10." kuwa daga ranar zuwa gaba, shi ya sa na ce hoton kusa ya fito tas.

Sai 'yan haruffa biyu da ke manne da kwanan watan, "Di". Duk gajeriyar kalma da ta zo dab da kwanan wata ka fara zarginta da sunan rana ce. A nan ga wata dabara da nake matuƙar so: buɗe kalandar wayarka ka duba 14 ga Oktoba wace rana ta faɗo. A 2025 Talata ce, to "Di" Talata ce, kuma haka ne, Dienstag. Amfanin wannan biyu ne, ka gano kalmar, sannan ka tabbatar sanarwar ta bana ce, domin a 2024 ranar Litinin ta faɗo, da a ce takardar ta ce "Mo" da mun san tsohuwar bara ce da aka manta ba a cire ba. Irin waɗannan tsofaffin takardu suna da yawa a allunan sanarwa, mutum ya tayar da hankalinsa a kan abin da ya wuce tun tuni. Ka kuma kula a Jamusanci Di Talata ce Do Alhamis, a hoto mai hazo suna kama da juna.

In an rubuta sunan watan da kalma ne maimakon lamba, kar ka yarda da kamanni tsakanin yaruka maƙwabta. "Listopad" a yaren Polan da na Cek Nuwamba ne, amma a Kuroshiya Oktoba ne, kalma ɗaya wata ɗaya cur a tsakani. Don haka sai ka tabbatar da ƙasar da aka ɗau hoton kafin ka duba.

Wani lokacin ma ba lambar ce ke magana ba, yadda aka rubuta ta ne. A allunan fakin na Suwidin da Finlan za ka ga 8–18, a ƙasansa (8–15) cikin baka, wani lokacin da na uku da jan rubutu. Na farko ranakun aiki ne, na cikin baka Asabar, a Suwidin har da jajibirin ranar hutu, ja kuma Lahadi da ranakun hutu. Ba kalma ko ɗaya a allon amma duk dokar tana nan. In ka ga lamba cikin baka ko da wani launi daban, ka san ba ado ba ne.

Kuɗi kuma, ka tuna a Jamus da Faransa da Turkiyya da wasu da yawa waƙafi ne ke raba kuɗi da canjinsa, 2,50 biyu da rabi ne, sannan a Jamus da Turkiyya 1.000 dubu ɗaya ce. In ka ga adadin kuɗi can ƙasa a sanarwar da ke da jar alama, mafi yawanci tara ce ba farashi ba. Tamu ba kuɗi a ciki sam, wannan ma bayani ne, ba a neman kowa ya biya komai.

Mataki na biyar: nemo kalmomin a wani wurin

Yanzu ne za ka fara taɓa kalmomi, amma ba ta fassara ba tukuna. Duba wadda ta maimaitu. A tamu "Wasser" ta fito sau biyu, ɗaya ita kaɗai ɗaya a farkon doguwar kalma "Wasserhähne", ga kuma zanen famfo a gefe. Na ce mata ta duba robar ruwan sha da ta saya a shago, sai ga "Mineralwasser" a jiki. Ruwa kenan, an gama. "Haus 3 und 5" kuwa, lambar da ke saman ƙofarsu 5 ce, ginin da ke kusa 3, to sanarwar ta shafe ta. Garin da kake ciki cike yake da kalmomi da aka riga aka manna a jikin abin da suke nufi, ƙofar da kowa ke fita ta cikinta tana ɗauke da kalmar "fita", kwandon shara na ɗauke da tasa, madannan lif na ɗauke da sunayen hawa.

Jamusanci yana da wani taimako da yawancin yaruka ba su da shi, duk suna ana fara shi da babban baƙi ko a tsakiyar jimla ne, don haka in ka bi manyan baƙaƙe ka tsinci abubuwan da ake magana a kansu. Amma ka yi hattara da kalmar da ta yi kama da ta wani yaren da ka sani, musamman in kana jin Turanci. "Gift" a Jamusanci guba ce. "Not" kuma gaggawa ce ko halin matsi, shi ya sa "Notausgang" ƙofar fita ce ta gaggawa, ba wai an ce ba mafita ba. A rubutun Rasha ma haruffan da ka ɗauka ka sani wasu ne daban, Р sautin r ne, Н sautin n, С sautin s, В sautin v. Kamanni zato ne kawai, sai wurin ya goyi bayansa.

Mataki na shida: rubuta zato uku, ba ɗaya ba

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, da zarar zato ɗaya ya zo musu sai su rungume shi su riƙa ganin komai na goyon bayansa. Mu abin da muke da shi a hannu: masu kula da gida, 'yan haya duka, ruwa, Talata daga takwas zuwa biyu na rana. Sanarwa iri uku ce za ta iya yin wannan kamannin. Ko za a ɗauke ruwa don gyara. Ko masu karanta mitar ruwa za su zo, wanda ke nufin dole a samu wani a gida ya buɗe musu. Ko kuma ruwan ya samu matsala an ce kar a sha ko a tafasa shi tukuna. Duka ukun suna iya zuwa da zanen famfo, amma abin da kowace ke so ka yi daban ne, ta farko ka tari ruwa, ta biyu ka zauna a gida, ta uku kar ka kai shi baki.

Sai ka bi su ɗaya-ɗaya ka tambaya, in da wannan ce me zan gani a takardar? Sanarwar karanta mita yawanci tana raba lokaci hawa-hawa ko ɗaki-ɗaki, tana ɗauke da sunan kamfanin da zai zo, da lambar waya ko rana ta biyu ga wanda ba ya nan. Tamu ba ko ɗaya. Sanarwar gurɓacewar ruwa ba ta cewa daga takwas zuwa biyu, domin ba wanda ya san ƙarfe nawa ruwa zai gyaru, tana farawa nan take ba ranar ƙarewa, tana da tsawo, kuma sau da yawa da sunan hukumar lafiya ko kamfanin ruwa a jiki. Tamu gajeriya ce mai farko da ƙarshe kuma an manna ta kwanaki kafin ranar. Saura ta farko. Sai a nan ne muka fara buɗe ƙamus, kalma ɗaya muka nema, ta ƙarshen jimlar, domin a irin wannan ginin jimla na Jamusanci aikatau can ƙarshe yake zuwa. "Abgestellt" daga "abstellen" take, kashewa ko rufewa. Za a rufe ruwa.

Mataki na bakwai: ƙananan kalmomin da ke juya magana

Da mun tsaya a nan da mun yi zaton mun gama, alhali akwai "außer EG" da ba mu taɓa ba. Wurin da lambobi da zane duk sun yi iya nasu, ba za su iya gaya maka ko wannan guntun yana nufin "har da EG" ko "ban da EG" ko "EG kaɗai" ba, kuma ukun nan sun sha bamban. Duk sanarwa ka nemi irin waɗannan kalmomi huɗu ka duba su a ƙamus ko da kana ganin ka gane sauran: a'a ko babu, an hana, ban da, kaɗai. Gajeru ne, ido na tsallake su, kuma sukan ɓuya a ƙaramin layi a ƙasa ko bayan waƙafi.

"Außer" ban da ce. A Faransanci "sauf", a Italiyanci "eccetto", a Turkanci "hariç". EG kuwa, da ta shiga lif sai ga shi a madanni na ƙasa, Erdgeschoss, hawan ƙasa. Wato za a rufe ruwan gida na 3 da na 5 ban da hawan ƙasa. Sai wata tambayar ta taso, ita a wane hawa take? Ta ce na farko. Na ce na farko a lissafin wa, kina hawa matattakala kafin ki kai ɗakinki? Ta ce eh, bene ɗaya. To a Jamus da yawancin Turai hawan ƙasa ba a ƙirga shi, na samansa shi ne na 1, a Amurka kuwa na ƙasan ne na 1. Ita tana sama da EG, rufewar ta shafe ta.

Bari in ƙara misali biyu don ka ga yadda abin ke da haɗari. A Jamus in ka ga alamar hana shiga sannan a ƙasanta ƙaramin allo mai zanen keke da kalmar "frei", ba an ƙara hana keke ba ne, an cire keke daga hanin ne, shi yana iya wucewa. A Turkanci kuma korewar ba kalma ce mai zaman kanta ba, a cikin cikin kalmar take: "içilir" ana sha, "içilmez" ba a sha. "Giriniz" ku shiga, "girmeyiniz" kar ku shiga. In famfo ne a gabanka da ɗayan biyun farko a samansa, wurin ya gaya maka maganar shan ruwa ake, amma haruffa ukun ƙarshe ne ke raba lafiya da ciwon ciki. A allunan Sin da Japan ka riƙe 禁止, hani ne a duka biyun.

Layin da ya rage, "Bitte Wasserhähne geschlossen halten", tunda mun san za a ɗauke ruwa zatonmu ya tafi kan a bar famfuna a rufe, amma shi ma ba mu bar shi a zato ba domin akwai aikin da ake cewa a buɗe famfo ruwa ya zuba bayan an gama. Mun duba "geschlossen", a rufe, kalmar da za ka gani a ƙofar shagon da ya tashi. Dalilin ma a fili yake, mutum ya murɗa famfo da safe ya ga ba ruwa ya manta bai mayar ba ya fita, ƙarfe biyu ruwa ya dawo ba kowa a ɗaki, ya malale har ya sauka wa na ƙasa.

Mataki na takwas: auna abin da kuskure zai jawo, sannan ka tambayi mutum

Ba kowace sanarwa ce ta cancanci duk wannan wahalar ba, kuma ba kowace ce zato ya isa a kanta ba. Tambayi kanka, in fahimtata ba daidai ba ce me zan rasa? In amsar ita ce zan tari ruwa a banza, to ci gaba da zatonka. In kuwa sanarwar ta shafi abin da za ka ci ko ka sha, magani, wutar lantarki, iyo a ruwa, takardun zama a ƙasa, ko akwai adadin tara ko wa'adi da tambarin hukuma, to zato ba ya wadatarwa komai kyansa, ka ɗauki mafi tsananin fassarar ka yi aiki da ita har sai wanda ya ji yaren ya karanta maka. Da a ce ba mu iya kore zato na uku ba a daren nan, da ruwan roba zan ce ta sha har gari ya waye.

Tambayar ma akwai yadda ake yinta. Kar ka miƙa wa mutum waya ka ce me wannan ke cewa, zai ba ka taƙaitawa cikin kalma uku ya wuce, kuma abin da zai yar a taƙaitawar shi ne daidai "ban da" ɗin nan. Kar kuma ka ce "ruwa za a ɗauke ko?" domin mai sauri zai gyaɗa kai kawai. Ka ɗora yatsa a kan layin da kake shakka, ka yi tambayar da ke buƙatar ya karanta: ni ina hawa na 1 a gida na 5, ranar Talata me zan yi? Haka ta yi da safe da wata maƙwabciyarta da suka haɗu wurin akwatunan wasiƙu, matar ta karanta ta ce ki cika tukwane da bokiti daren Litinin, ki bar famfo a rufe, in ruwan ya dawo zai iya fitowa da iska da ɗan launi, ki bar shi ya zuba na 'yan mintuna kafin ki yi amfani da shi. Wannan na ƙarshen ba ya cikin takardar ma, sai da ta rubuta shi a bayan hoton a wayarta don kar ta manta kafin Talatar.